Birkin faifai da birkin ganga: me ya raba su, kuma wanne ya fi tsayar da mota?

*Injiniya, barka da aiki. Ni direba ne, ina ɗaukar fasinja da kaya tsakanin Jos da Akwanga da wata ƙaramar wagon. Gabanta birkin faifai ne, bayanta na ganga. Ran nan ina saukowa Hawan Kibo da lodi sai feda ta yi ta tafiya ƙasa, sai da na yi ta tattakawa kafin ta kama. Bakanikena ya ce gangar baya ce matsalar, in sayo na faifai a canza. Mene ne ainihin bambancinsu, kuma canjin zai yi min magani?*

Malam direba, Allah Ya ƙara tsarewa. Kafin ka kashe kuɗi, bari mu kwance tayoyin nan biyu, na gaba da na baya, mu leƙa abin da ke ciki, domin amsar tana can.

Daga ƙafarka zuwa taya hanya ɗaya ce ga dukansu. Ka taka feda, feda ta tura sanda, sabo, wato na'urar da ke taimaka wa ƙafarka, ya ƙara mata ƙarfi da iskar da inji ke zuƙa, sandar ta tura fistin ɗin masta, wato famfon man birki, masta ta matsa man birki cikin bututu. Mai ba ya matsuwa, don haka duk matsin da aka yi masa a masta, shi ne zai isa kowace taya, ban da ragin da ake yi wa na baya wanda za mu gani nan gaba. Inda hanya ta rabu shi ne abin da kowace taya ke yi da wannan matsin.

A gaba, faifan ƙarfen zubi ne yake juyawa tare da taya, kalifa ta hau kansa kamar yadda hannu ke riƙe bakin faranti. Cikin kalifa akwai fistin mai faɗi, a irin motarka yawanci guda ɗaya. Mai ya turo shi, ya danna fad ɗin ciki a jikin faifai, ita kuma kalifar ta zame a kan fil biyu ta jawo fad ɗin waje, sai faifai ya shiga tsakiya an matse shi ta fuska biyu. Babu sifirin da ke mayar da fad baya. Abin da ke yin wannan aikin wata roba ce mai kusurwa huɗu da ta kewaye fistin: idan fistin ya fito sai ta ɗan lanƙwashe, idan ka saki feda sai ta miƙe ta ja shi baya da abin da bai fi kaurin takarda ba. In fad ya cinye, fistin ya zame ta cikin robar ya ƙara fitowa, ya zauna a sabon wuri. Shi ya sa ba ka taɓa jin an ce a ɗaure birkin faifai ba, kuma shi ya sa mai ke raguwa a kofin masta a hankali ko da babu inda yake zuba. Yana bin fistin ne yana cika gurbin da ya bari.

A baya labarin daban ne. Ganga kamar tukunya ce da aka kife a kan cibiyar taya, tana juyawa, a cikinta kuma akwai farantin da ba ya motsi. A kan farantin aka ɗora shu guda biyu masu siffar jinjirin wata, kowanne da lainin a bayansa. Ƙasansu ya tokare a wuri guda, samansu kuma akwai ƙaramar silinda mai fistin biyu, ɗaya na kallon gaba ɗaya na kallon baya. Mai ya shiga, fistin ya buɗa shu waje, lainin ya gogi cikin ganga. Ka saki feda, sifirin masu ƙarfi su dawo da shu har inda madaidaici ya tsayar da su. Wannan madaidaicin, wanda makanikai ke kira ajasta, shi ne ke rage tazarar da ke tsakanin lainin da ganga yayin da lainin ke cinyewa. Riƙe shi a ranka, za mu dawo kansa.

Yanzu ga ɗan lissafi, da alƙaluman da aka saba gani a ƙananan motoci, ba lallai su yi daidai da taka ba. A ce ka taka feda da nauyin kilo 20. Tsawon feda ya ninka shi sau huɗu, ya zama 80. Sabo ya sake ninkawa kamar sau huɗu, ya zama kilo 320 a kan fistin ɗin masta mai faɗin milimita 22. Fistin ɗin kalifa mai faɗin milimita 54 ya ninka na masta kusan sau shida a girman fuska, saboda haka yana danna fad da abin da ya kai kilo 1,900, kusan tan biyu. Fistin ɗin silindar baya kuwa faɗinsa milimita 19 ne kacal, yana tura shu da kilo 240 ko kusa da haka. Mai ɗaya, matsi ɗaya, amma na gaba ya ninka na baya sau takwas. To yaya aka yi ganga ke iya yin wani abin kirki da wannan ɗan ƙarfin?

Tana aro ne daga gudun motar. Ka taɓa tura ƙofa alhali an sa mata ɗan itace mai tsini a ƙasa? Duk yadda ka ƙara turawa, itacen ƙara shigewa yake yi yana ƙara cijewa. Haka ɗaya daga cikin shu biyun nan yake. Ganga tana juyawa, da ta taɓa lainin sai ta nemi tafiya da shi, shi kuwa ƙasansa a tokare yake, sai jan da take yi masa ya ƙara cusa shi a jikinta. Wannan shi ne shu mai gaba. Ɗan'uwansa na ɗaya ɓangaren akasin haka yake samu, juyawar gangar tana neman ture shi ne. Shi ya sa in ka buɗe ganga za ka tarar lainin ɗaya ya fi ɗaya cinyewa, wani lokaci nesa ba kusa ba, kuma wannan ba ɓaci ba ne, haka aka gina ta. In ka sa ribas sai su yi musayar aiki. Faifai ba shi da wannan aron ko kaɗan. Fad yana danna shi ta gefe, juyawarsa ba ta ƙara danni ba ta ragewa. Abin da ƙafarka ta bayar, shi kake samu. Dalili ke nan da ya sa yawanci motar da ke da faifai ba ta yi sai da sabo, kuma in inji ya mutu kana tafiya, bayan taku biyu ko uku sai feda ta zama kamar dutse.

Aron nan shi ne alherin ganga, shi ne kuma sharrinta, kuma a nan nake so ka tsaya ka natsu, don duk bambancin halinsu a hanya daga nan ya taso. Ƙarfin cizon lainin ko fad a jikin ƙarfe ba abu ne tsayayye ba. Zafi na rage shi, ruwa na rage shi, tsatsa da danshin safe na iya ƙara shi. A ce da sanyi cizon ya kai 0.4, da zafi ya sauko 0.3, wato ya rasa kashi ɗaya cikin huɗu. Faifai zai rasa kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfinsa, babu ƙari. Ganga kuwa asara biyu za ta yi: cizon ya ragu, aron da take yi daga juyawa shi ma ya ragu domin da cizon ya dogara. A gangar da ke da irin ginin taka, asarar takan kai kashi ɗaya cikin uku, shu mai gaba shi kaɗai ma ya fi haka. Akwai wata irin ganga da ake sa wa wasu manyan motoci da a-kori-kura, inda shu na farko ke tura na biyu, aro a kan aro. Ita ta fi kowa cizo da ƙafa kaɗan, ita ce kuma ta fi kowa saurin canza hali.

Ka juya lissafin kuma. Da damina, mota ta kwana a waje, cikin ganga ya yi ɗan tsatsa, lainin ya sha danshi. Da asuba ka fito, takun farko sai ka ji tayar baya ta cije ta ja ƙasa ƙiii, fasinja ya dungura. Cizon ne ya ɗan hau, aron ya ninka shi. Bayan taku uku huɗu sai komai ya koma daidai. Haka nan in ganga ɗaya ta fi ɗaya zafi, ko giris ya ɗiga a ɗaya, ɗan bambancin da ke tsakaninsu sai ya zama babba. A zamanin da ake sa ganga a tayoyin gaba, wannan ne ya sa mota ke fizge sitiyari gefe guda in an taka birki, direba bai san ɓangaren da za ta nufa ba.

Tambayar da kowa ke yi ita ce wanne ya fi tsayar da mota. In taku ɗaya ne, birki da sanyi, komai a gyare, amsar za ta ba ka mamaki: kusan duk ɗaya. Ganga mai lafiya tana iya kulle taya, faifai ma haka, kuma da zarar birki ya kai ga iya kulle taya, ba shi ne ke yanke nisan tsayawa ba, taya ce da kwalta. Mota mai gudun kilomita 100 a awa, a kan busasshiyar kwalta da taya mai kyau, tana buƙatar mita 50 ko sama da haka kaɗan daga lokacin da birki ya kama. Sa mata faifai mai girman faranti, in tayoyin sun suɗe ba za ka rage ko taku ɗaya ba. Inda faifai ke tsere wa ganga shi ne a taku na biyar, na takwas, na goma, wato inda zafi ya taru.

Birki ba ya kashe gudu, yana mayar da shi zafi ne. Wagon mai lodi, a ce kilo 1,500, in ta tsaya cak daga gudun 100, kimanin kashi bakwai cikin goma na aikin yana kan tayoyin gaba, saboda nauyi kan rinjaya gaba lokacin taka birki. Faifai biyu masu nauyin kilo 7 kowanne za su ƙara zafi da kusan digiri 60 a wannan taku guda. Ba komai ba ne, iska za ta kwashe. Amma ga abin da direbobi da yawa ba su sani ba: duk mita 40 da mota ta sauko a tsaye daga tudu, in birki ne ke riƙe da ita, zafin da zai sha daidai yake da na tsayawa cak daga gudun 100. Gangaren da ya sauke ka mita 300 kamar ka yi irin wannan tsayawar ce sau bakwai zuwa takwas a jere cikin 'yan mintoci. Iskar da ke bugun mota da jan inji suna ɗauke wani kaso, amma in ka sauko a giya ta biyar, ko ka sa furi don tsimin mai kamar yadda wasu 'yan'uwanka ke yi, kusan duk kayan a kan birki ka jibge. Kai ba ka ji kana gudu ba, ƙafarka dai tana kan feda a hankali, alhali ƙarfe na can yana neman yin ja.

A nan ginin kowanne ke nuna kansa. Faifai tsirara yake. Fad bai rufe ko rubu'insa ba, sauran na shan iska a kowane juyi, kuma na gaba yawanci faifai biyu ne a haɗe da ramuka a tsakani, yana juyawa yana zuƙar iska ta tsakiya yana fitarwa ta baki kamar fanka. Ganga kuwa wutar a cikin tukunya ake hura ta, murfi a rufe. Zafin sai ya ratsa kaurin ƙarfe kafin ya sami iska, wili kuma ya sake rufe ta. Sannan ga kumburi. Ƙarfe in ya yi zafi buɗewa yake yi. Faifai in ya kumbura kauri yake ƙarawa, wato yana matsowa kusa da fad. Ganga in ta kumbura faɗi take ƙarawa, tana guje wa shu. Ganga mai faɗin milimita 200 da ta ƙara zafi da digiri 300 za ta buɗe da fiye da rabin milimita. A ido ba komai ba ne, amma kafin shu huɗu su bi ta su cim mata, feda ta ƙara sauka da kusan santimita guda. In da ma ajasta ta ci tsatsa ta daina aiki, feda na can ƙasa-ƙasa tun kafin a fara gangara, wannan santimitar ita ce za ta ƙarasa da feda kusa da ƙasan mota. Bakin gangar ma, da yake ba shi da abin da ya riƙe shi, yakan fi gindinta buɗewa, sai lainin ya daina zama da dukan fuskarsa.

Wannan fifikon ne ya sa masu tseren mota suka fara rungumar faifai. A 1953 motar Jaguar mai birkin faifai ta ci tseren awa 24 na Le Mans a Faransa, inda ake taka birki daga babban gudu sau ɗaruruwa, daga nan kamfanoni suka fara mayar da tayoyin gaba faifai. Ba don ganga ba ta tsayar da mota ba, sai don tana gajiya.

Ruwa ma haka. Ka ratsa kwatami da damina, faifai ya jiƙe, juyi kaɗan ya watsar da ruwan, fad ya share sauran. Ganga ba ta saurin shan ruwa, amma in ya shiga sai ya zauna, ka taka ka ji wayam har sai ka ɗan yi tafiya da ƙafa a kan feda ta bushe. A ɓangaren ƙura da yashi kuwa ganga ce ke da gaskiya. Rufin da ya hana ta shan iska shi ne ya hana tsakuwa shiga. A hanyar ƙauye, laka da yashi na cin fad ɗin baya da fil ɗin kalifa da sauri, alhali lainin ganga zai ga an canza fad ɗin gaba sau biyu ko uku yana nan. Hambirki ma a ganga ya fi riƙo, saboda aron nan da muka faɗa, kuma haɗa shi waya ce da ɗan ƙarfe kawai. Shi ya sa za ka ga motoci da yawa masu faifai a baya an ɓoye musu 'yar ƙaramar ganga a cikin cibiyar faifan, don hambirki kaɗai.

To mu dawo Hawan Kibo. Birki yana gajiya ta hanya fiye da ɗaya, kuma ƙafarka ce ke gaya maka wacce ce. In feda tana nan a sama, da tauri, kana dannawa da iya ƙarfinka amma mota ba ta ragewa, ga wari kamar na ƙonannen kuloci, to fad ko lainin ne suka ƙone, ƙaron da ya haɗa su ya fara narkewa yana hayaƙi, cizo ya tafi. In kuwa feda ta yi laushi kamar ka taka soso, ta tafi ƙasa, sai ka tattaka take ɗan dawowa, sannan bayan mota ta huce komai ya koma kamar ba a yi ba, wannan mai ne ya tafasa. Abin da ka kwatanta ya fi kama da wannan na biyu, wataƙila da gudunmawar ganga marar ɗauri.

Man birki yana shan danshi daga iska, ta murfin kofi da ta jikin bututun roba. Sabon mai mai lambar DOT 3 ba ya tafasa ƙasa da digiri 205, sabon DOT 4 kuma 230. In suka sha ruwa kamar kashi uku da rabi cikin ɗari, ma'aunin da aka gindaya musu ya sauko 140 da 155. Da ya tafasa sai ya zama tururi, tururi kuwa matsuwa yake yi, sai ƙafarka ta ƙare a matsa kumfa. Ga inda nake ganin bakanikenka ya kauce: man ya fi tafasa ne a gaba, a cikin kalifa. Can ne zafi ya fi yawa, can ne kuma mai ke zaune a bayan fistin, tsakaninsa da faifai mai zafi fad ne kawai, in fad ya suɗe kuwa katangar ta zama siririya. Wato mai yiwuwa ɓangaren faifan ne ya ba ka kunya, ba gangar ba. In ma gangar tana da laifi, laifinta na zaman kashe wando ne: shu ya yi nisa da ganga, baya ba ya ɗaukar kasonsa, gaba ya ɗauki duka har ya dahu.

Na taɓa karɓar wata wagon irin taka da wannan ƙorafin. Mai ita ya riga ya canza masta sau biyu a wani gareji, abin bai daina ba. Na zauna na taka feda, ta sauka fiye da rabi kafin ta kama. Na ja hambirki har shu suka taɓa ganga, na sake takawa, sai feda ta tsaya a sama. Wannan gwajin kyauta ne, kai ma yi shi yau: in jan hambirki ya ɗaga feda, tazarar shu ce ta yi yawa, ba masta ba ce. Muka buɗe. Ajasta ɗin dama ta daskare da tsatsa da ƙura, ba ta motsi. A hagu na ɗaga robar bakin silinda, mai ya tsiyayo, lainin ya jiƙe ya yi baƙi yana ƙyalli. A gaba, fil ɗaya na kalifa ya ƙafe saboda an shafa masa giris na gama-gari, robarsa ta kumbura, fad ɗin ciki saura kamar milimita 2, na waje kuwa ko rabi bai ci ba. Man da muka zuƙo daga kofi kalar shayi ba madara. Mai motar ya ce tun da ya saye ta ƙari kawai ake yi, ba a taɓa juye shi ba. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da canza ganga zuwa faifai zai gyara, sai silinda da ajasta, su kuwa kuɗinsu bai kai rubu'in kuɗin canjin ba.

Canjin kansa ba cire wannan a ɗaura wancan ba ne. Kamfani ya auna rabon ƙarfi tsakanin gaba da baya, ya sa bawul da ke rage matsin da ke zuwa baya in an taka da ƙarfi, a wasu wagon da bas ma bawul ɗin na da ɗan hannu da ke auna yadda bayan mota ya zauna da lodi. Dalili kuwa, in tayoyin gaba suka kulle mota miƙewa take yi, in na baya suka riga kullewa sai gindinta ya juyo gaba, kuma a gangare da lanƙwasa wannan shi ne mafi muni. An auna bawul ɗin ne da halin ganga. Ka sa kalifa, ko dai baya ya yi rauni, ko ya yi ƙarfi fiye da kima, ga shi kalifa ta fi ƙaramar silinda shan mai, masta ɗinka ba lallai ta wadatar ba, feda ta ƙara yin ƙasa. In motar na da ABS, wato na'urar da ke hana taya kullewa, shi ma da lissafin ganga aka saita shi. Sai dai in akwai irin motarka sak da kamfani ya fitar da faifai a baya, a ɗauko komai nata gaba ɗaya, har masta da bawul da wayar hambirki. Ko a hakan, ribar da za ka gani kaɗan ce, domin baya kashi uku cikin goma yake ɗauka.

Da ni ne, ga yadda zan kashe kuɗin. A fara da baya: a buɗe ganga biyun, a wanke ƙurar da ruwa ko man wanke birki, kada a hure ta da iska, don wasu lainin na da sinadarin da ke lalata huhu. A duba silinda ko tana tsiyaya, in lainin ya sha mai a canza shi ɓangare biyu tare, wanki ko ƙona shi da wuta ba ya fitar da man. A auna cikin ganga a gwada da adadin da aka rubuta a jikinta bayan MAX DIA, in ta wuce ta gama aiki, don siririyar ganga ta fi saurin zafi da buɗewa. A kwance ajasta a wanke ta har ta riƙa juyawa da yatsa, a ɗaure shu har ka ji yana ɗan shafar ganga in an juya taya da hannu, sannan a saita wayar hambirki. Kada a yi akasin haka, masu jan waya don ɓoye tazarar shu suna da yawa. A gaba a auna kaurin faifai da adadin MIN TH da ke jikinsa, a sa fad mai kyau tun bai kai milimita 3 ba, a shafa wa fil giris ɗin birki wanda ba ya cin roba. Daga ƙarshe a juye man gaba ɗaya, ba ƙari ba, da sabon DOT 4 daga gwangwanin da aka buɗe a gabanka, in murfin kofin bai hana ba, a fitar da iska taya bayan taya har mai ya fito garau. A irin aikinka, a maimaita duk shekara biyu, ko ma duk shekara. DOT 5 kada ya ruɗe ka don lambarsa ta fi girma, wani irin mai ne daban da ba ya haɗuwa da naka. Ruwan sabulu da na sha gani ana ɗurawa a tasha in mai ya ƙare, a digiri 100 yake tafasa.

Sauran aikin na hannunka ne da ƙafarka. Tun kana saman tudu, kafin mota ta ɗauki gudu, sa giya ta uku, in lodi ya yi yawa ta biyu, ka bar inji ya yi ta kuka, ba abin da zai same shi. In gudu ya ƙaru ka taka sosai na 'yan daƙiƙu ka rage shi, ka ɗaga ƙafa gaba ɗaya faifai ya sha iska. In ka ji feda ta fara canzawa ko wari ya taso, nemi wuri ka tsaya tun tana kamawa, ka sa giya, ka sa dutse a taya maimakon jan hambirki a kan ganga mai zafi, don in ta huce za ta tsuke ta kama shu. Kada ka watsa wa faifai ruwa, yana iya karkacewa ko ya tsage. Ba shi kamar rabin awa, ka taka feda ka ji ta dawo da taurinta kafin ka saki dutsen.